Daga Rumfar Dawanau Zuwa Teburin Intabiyu

A wannan makon za mu leƙa ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, inda kasuwar hatsi ta Dawanau take a bakin titin Kano zuwa Katsina. An kafa kasuwar a shekarar 1985, kuma ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin kayan abinci na Afirka ta Yamma. A ƙauyuka irin su Kwa da Tumfafi da Ganduje da Tattarawa, da wuya ka shiga gida ba ka sami mai cin abinci ta dalilin kasuwar nan ba. Akwai matasa da yawa da suka gama sakandare, wasu har da difloma, suka shiga saye da sayarwa shekara biyar ko bakwai, sai rana ɗaya suka ga tallar aiki a wani kamfanin sayen riɗi ko waken soya. Su ɗauki biro, su zo layin da aka ce a rubuta ƙwarewar aiki, sai su rubuta "babu", ko kuma su rubuta kalma ɗaya tak: "kasuwanci". Dukkan amsoshin biyu asara ce, kuma yau za mu nuna muku dalili.

Mu ɗauki misali. Ba wani takamaiman mutum muke nufi ba, kuma alƙaluman da za mu kawo na koyo ne, domin farashin hatsi ba ya kwana wuri ɗaya. A ce wani yayanku ne daga yankin Kwa, yana da difloma, ya shekara shida yana sayo waken soya a kasuwannin ƙauye yana kawowa Dawanau. Yanzu wani kamfani yana neman jami'in sayen kaya da kula da sito, albashi naira 150,000 a wata. Manajan da zai karanta takardarsa yana da wasu takardu jibge a gabansa, kuma ba zai ba kowacce fiye da ɗan lokaci kaɗan ba. In ya ga "kasuwanci", bai san ko mai tallan goro a faranti ba ne ko mai cika tirela. Ba raina sana'a yake yi ba. Wanda ya yi aikin albashi yana da tsohon maigida da za a buga wa waya a tambaya, shi kuwa mai zaman kansa shi ne maigidan, shi ne yaron, shi ne shaida. Don haka aikin yayanku shi ne ya mayar da shekarun nan shida abin da za a iya ƙirgawa, a kuma bincika.

Wurin farawa shi ne littafin ciniki, ba takardar neman aiki ba. A zauna da littafin da kalkuleta a bi buhu ɗaya tun daga ƙauye. Ya sayi buhu mai kilo 100 a kan naira 60,000. Kuɗin mota 1,500, 'yan dako na lodi da saukewa 600, buhu da ɗinki 500, la'adar dillali 400. Ɗawainiya ta tashi 3,000 ke nan, buhu ya tsaya masa a 63,000. Ya sayar a Dawanau 65,000, ribarsa 2,000. Da kaka, kamar mako 20, yana juya buhu 30 duk mako, watau 600. Sauran mako 30 na shekara kasuwa ta yi sanyi, buhu 10 a mako, watau 300. Jimilla buhu 900 a shekara, tan 90 ke nan, kuma kuɗin da ya ratsa hannunsa ya kai naira miliyan 58 da rabi.

Ku tsaya ku sake duba wannan adadin. Mutumin da ya rubuta "babu" a layin ƙwarewa, ashe kusan miliyan sittin ke bi ta hannunsa a shekara, da jarin da bai kai miliyan biyu ba, domin kuɗin buhu 30 a kan 63,000 shi ne 1,890,000. Ya juya wannan jarin kamar sau talatin a shekara ɗaya. Shi kansa bai taɓa sanin haka ba, don bai taɓa tarawa ba. Abin da ya sani kawai shi ne yau an samu, jiya ba a samu ba.

Daga wannan lissafin ne za a ciro abin da kamfani ke kira da sunaye uku: gudanarwa, da sayarwa, da sha'anin kuɗi. A rumfa ba a raba su, mutum ɗaya ke yin su duka kafin azahar. A kamfani kuwa kowanne da ofishinsa, shi ya sa dole a warware su a takarda.

Mu fara da gudanarwa, domin ita ce ta fi kusa da aikin da yayanku ke nema. Yana da yara biyu na dindindin da yake biya duk wata, da 'yan dako kamar shida da yake ɗauka ranar lodi. Shi ke raba musu aiki, shi ke raba faɗa in an yi, shi ke shirya mota ta iso ƙauye kafin kasuwa ta watse. Wannan kula da ma'aikata ne da tsara sufuri. Amma abin da zai sa manajan kamfanin waken soya ya gyara zama shi ne maganar danshi da ragin nauyi. In an sayi wake bai gama bushewa ba, yana ci gaba da bushewa a sito, nauyinsa na raguwa. Buhun da aka auna kilo 100 a ƙauye sai ya dawo 97. A farashin misalinmu kilo ɗaya naira 650 ne, kilo uku kuwa 1,950. Ribar buhun gaba ɗaya 2,000 ce. Kun ga ɗan danshin da ido ba ya gani ya cinye wahalar mako guda. Wanda ya shekara shida bai karye ba, lalle ya koyi gane wannan: ya soka ƙarfe a buhu ya zaro samfur daga tsakiya da ƙasa, ba daga baki kaɗai ba inda ake ɗora mai kyau, ya ciza ƙwayar ya ji ko ta fashe ƙas ko ta lotse, ya zuba a faifai ya ga yawan tsakuwa da ƙaiƙayi. A sito kuma ya san a shimfiɗa katako kada buhu ya taɓa siminti, a bar rata tsakanin buhu da bango, kuma wanda ya fara shiga shi zai fara fita.

Kamfani na yin waɗannan abubuwa duka, sai dai da na'urar auna danshi, yana neman hatsi ya sauka wajen kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa kafin a ajiye. Koya wa mutum danna na'urar bai wuce aikin yini ɗaya ba. Koya masa gane buhun da aka cusa wa ƙasa a tsakiya kuwa, sai ya sha kasuwa. Don haka a maimakon "kasuwanci", layin zai zama kamar haka: "Na sayi waken soya kimanin tan 90 a shekara daga kasuwannin ƙauye huɗu, ina tantance danshi da tsabta kafin biya, na kula da ma'aikata biyu na dindindin da 'yan dako har shida a ranar lodi." Yawancin kamfanoni da Turanci suke karɓar sibi, to amma mu shawararmu ita ce a fara rubuta layin da Hausa har sai ya fito sarai, sannan a juya. Wanda ya fara da Turanci yakan faɗa tarkon aron manyan kalmomi da ba su ɗauke da komai.

Sayarwa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Tambayoyin su ne: abokan ciniki nawa ne ke dawowa, tun yaushe, kuma su waye? In yana da goma sha biyu na dindindin, daga mata masu awara da ke sayen tiya biyar zuwa wakilin kamfanin mai da ke ɗaukar buhu ashirin, ya rubuta haka. In ya fara da uku a shekarar farko, ya faɗa, domin tashi daga uku zuwa goma sha biyu shi ne labarin. "Ina da iya hulɗa da jama'a" kuwa kowa na rubutawa, har wanda ba ya amsa sallama.

Sha'anin kuɗi ne wurin da ake yawan zamewa, ta ɓangare biyu. Wasu su raina abin da suka sani, wasu su kumbura shi. Yayanku ya san fitar da abin da buhu ya tsaya masa, ya san ribarsa kashi uku ce cikin ɗari na kuɗin sayarwa, ya san riƙe jari kada ya narke a cefane. Ya kuma san bashi, wanda shi ne ciwon kowace rumfa. In littafinsa ya nuna wanda ya karɓi kaya, da ranar, da ranar alkawari, to zai iya kasa basussukan kashi uku: wanda bai wuce mako ba, wanda ya kai wata, da wanda ya haura wata uku, wanda galibi sai dai a yi haƙuri. Masu lissafin kamfani haka suke kasa nasu. A misalinmu bashin da ya nutse a shekara naira 180,000 ne, cikin cinikin miliyan 58 da rabi, watau bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan adadi ne na alfahari, a rubuta shi. Abin da ba za a rubuta ba shi ne "akanta". Akanta sana'a ce mai jarrabawa da ƙungiyoyinta, irin su ICAN da ANAN, kuma tambaya biyu a intabiyu ta isa ta tona asirin wanda ya ari sunan. Ya ce ya riƙe littafin shiga da fita na kullum, ya bi bashi, ya tsara jari. In ya iya zuba lissafin a Excel ya faɗa; in bai iya ba, kada ya ce ya iya, ya je ya koya, mako biyu ya isa a iya tarawa da cirewa a cikinsa.

Haka ma batun muƙami. Muna yawan ganin matashi mai rumfa ɗaya da yara biyu ya rubuta wa kansa "shugaban kamfani" ko "babban darakta". Yana ganin ya ɗaga darajarsa, alhali ya jawo wa kansa matsala biyu. Manajan zai yi murmushi in ya ji girman rumfar, daga nan kuma sai ya fara shakkar sauran abin da ke takardar. In ma ya yarda, sai ya ce a ransa: babban darakta zai yarda in aike shi ƙirga buhu? "Mai shi kuma manaja" ya wadatar, tare da sunan sana'ar, da wurin, da watan farawa da shekara.

Sai shaida, wadda in babu ita duk alƙaluman nan tatsuniya ce. Mafi ƙarfi ita ce takardar bayanin asusu daga banki. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, ya tilasta wa 'yan kasuwa da yawa karɓar kuɗi ta taransifa, kuma wani alherin da ya ɓuya a cikin wahalar shi ne cinikinsu ya fara barin sawu. Sai dai in asusun ɗaya ne da na gida, kuɗin wake ya gauraye da gudummawar biki da kuɗin makaranta, to karanta shi sai mai haƙuri. Bayan ita akwai takardar rajistar sunan kasuwanci daga hukumar CAC in an yi, da katin ƙungiyar 'yan kasuwa, da rasiɗai, da littafin cinikin kansa ko da ya sha mai da ƙura. Kada a sake kwafe shi a sabon littafi don ya yi kyau. Tsohon da ya canza biro sau goma ya fi zama abin yarda. Masu tsaya masa kuma su zama waɗanda kuɗi ya haɗa su: wakilin kamfanin da yake kai wa kaya, ko shugaban layinsu a kasuwa. Baba da kawu, duk da girmansu, shaidarsu ba ta aiki a nan, don kowa ya san ba za su kushe nasu ba. A kuma je a nemi izininsu tukuna, kada a buga musu waya su ce wane ne.

In takarda ta yi kyau aka kira shi, akwai tambayar da ba makawa sai an yi: "Malam, in kasuwar na tafiya haka, me ya sa kake son bari?" A ƙarƙashinta akwai tsoro biyu. Ko dai ya karye yana ɓoyewa, ko kuma zai zauna wata shida ya tara jari ya gudu. Amsar da ta fi ita ce gaskiya mai lissafi. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya tashi, farashin hatsi ma ya yi sama sosai a watannin da suka biyo baya. Ga abin da hakan ke yi wa ƙaramin jari: in buhu ya tashi daga 60,000 zuwa 90,000, jarin da ke ɗaukar buhu 30 sai ya koma ɗaukar 20, ko da ɗawainiya ba ta ƙaru ba. Kuɗin na nan yadda yake a lamba, amma kayan da yake saye sun ragu da kashi ɗaya cikin uku. Yayanku zai iya cewa: "Ranka ya daɗe, aikin na iya shi, jarin ne ya yi mini kaɗan. Ina so in yi abin da na sani a inda ake sayen tan dubu, ba tan casa'in ba." Manajan da ke cikin harkar hatsi ya san wannan labarin, ba sai an rantse masa ba.

Tambaya ta biyu ta fi kaifi: me zai faru da rumfar? Mai sayen wake wa kamfani, kuma yana da rumfar wake tasa, ya shiga wuri mai santsi. Gobe za a ce ya sayar wa kamfani kayansa da tsada, ko ya karkatar da mai arha zuwa rumfarsa, ko da bai yi ba. Dole ya yanke shawara kafin ya shiga ɗakin: ya rufe, ko ya miƙa wa ƙaninsa ya kuma faɗa wa kamfani a fili cewa ba za a yi ciniki tsakaninsu ba. In aikin gwamnati ne ma dokar a rubuce take. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulki na 1999 sun hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma.

Akwai kuma tambayar da ba manaja ne zai yi ba, yayanku ne zai yi wa kansa da daddare: albashin nan ya fi abin da nake samu? Mu koma littafi. Ribar buhu 900 a kan 2,000 ita ce 1,800,000. A cire hayar rumfa 240,000, da albashin yara biyu a kan 20,000 kowanne a wata, watau 480,000, da bashin da ya nutse 180,000. Saura 900,000 a shekara, 75,000 a wata ke nan, kaɗan ya ɗara mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, da aka sa wa hannu a 2024. To albashin 150,000 ninki biyu ne? A'a. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, maigida ya ƙara kashi 10. In aka lissafa a kan dukan albashin, 12,000 sun tafi asusun fansho, kuɗinsa ne amma ba na taɓawa yanzu ba. In kuɗin mota zuwa da dawowa 1,500 ne a rana, kwana 26 sun ci 39,000. Saura 99,000, kafin a yi maganar haraji in ya hau kansa. Ratar ta dawo wajen 24,000. A ɗaya hannun, albashi na zuwa da damina kamar yadda yake zuwa da kaka, kuma jarinsa na kusan miliyan biyu ya huta daga haɗarin faɗuwar farashi. A ɗaya hannun kuma, ya sayar da lokacinsa: ba zai rufe sito ya tafi ɗaurin aure a Jalli ranar Talata don ya ga dama ba. Mu a ganinmu, in kamfanin na da hanyar ƙarin girma ya karɓa. In kuwa kujera ce da za a tsufa a kanta, ya yi ciniki a kan albashin, tunda ciniki dai sana'arsa ce. Wanda ya san 75,000 ɗinsa ya san ƙasan da ba zai sauka ba.

Iyakar wannan dabara ita ce ba ta maye gurbin takardar makaranta. In talla ta ce sai mai babbar difloma ko digiri da shaidar bautar ƙasa, tan 90 ba zai buɗe ƙofar ba, musamman a aikin gwamnati da bankuna. Inda ta fi ci shi ne kamfanonin hatsi, da masu rarraba kayan masarufi, da masu sayar da taki da iri, inda maigida ya fi damuwa da ko buhunansa za su cika.

Ku kuma da kuke aji huɗu zuwa shida, da yawanku kuna tsaron shago bayan an tashi, ko kuna taya inna lissafin awara da ƙuli-ƙuli, ko kuna zama a teburin POS na yayanku ranar Asabar. Ku sami littafi mai layi, ku ja masa gida shida: kwanan wata, kaya, yawa, kuɗin saye, kuɗin sayarwa, da sunan wanda ya karɓa bashi. Shafin baya ku ware shi don ɗawainiya, har da kuɗin leda da na caji. Duk Juma'a da yamma ku tara na mako, duk ƙarshen wata ku tara na makonnin, ku nuna wa mai shagon ya sa hannu da kwanan wata. Wanda yake ɗaukar darasin lissafin kuɗi a makaranta ya kai wa malaminsa shafi ɗaya su fitar da riba tare, a ga ko abin da ke littafi ya yi daidai da abin da ke cikin akwatin kuɗi.